Kuɗin ciyar da yara: nawa zan rubuta wa alƙali, kuma da wace hujja?

Assalamu alaikum Anti Barista. Wata takwas kenan da rabuwarmu da baban yarana, idda ta cika tuni. Yara uku ne a hannuna, babbar shekara 9, mai bi mata 6, sai ƙaramin wata 15 ina shayar da shi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kano, lokacin muna tare albashin da ke shigo masa 168,000 ne, kuma yana da adaidaita guda biyu da ake kawo masa balas ɗin 4,000 kowanne a rana. Ya yi sabon aure har ta haihu, mahaifiyarsa ma shi ke riƙe da ita. Tunda na fito sau uku kawai ya turo 20,000. Ina hayar ɗaki da falo 240,000 a shekara, makarantar yara 38,000 kowanne a zango. Ƙawata ta ce in je kotu in nemi 250,000 a wata don ko an rage a bar min da yawa. Ban san yadda ake rubutawa ba, kuma na san zai ce ba shi da komai sai albashi. Ki taimaka min.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su.

Bari in fara da maganar ƙawarki don ita ce za ta fara kayar da ke. Wannan dabarar ta kasuwa ce, ka ce dubu goma don a taya biyar, a Kantin Kwari tana aiki amma a gaban alƙali ba ciniki ake ba. Tambayar farko da zai miki bayan kin faɗi adadi ita ce, ta yaya kika samo shi? In kika yi shiru ko kika ce ai rayuwa ta yi tsada, to kin bar masa shi ya ƙirƙiro adadi da kansa, kuma abin da zai riƙe a hannu shi ne bakin tsohon mijinki da zai ce shi 25,000 zai iya. Na sha gani wallahi, mace ta shigo da gaskiyarta amma da adadin da ba shi da tushe, mijin ya miƙe ya ce ranka ya daɗe ka ji ko, albashina ma kaf bai kai abin da take nema ba, shikenan daga nan zaman ya koma kamar ita ce mai son zuciya, har abin da take da haƙƙi a kai ma sai an fara kallonsa da shakka.

Shari'a ba ta yanke wani kaso ba, babu inda aka ce rabin albashi ko sulusi. Abin da ke akwai ma'auni biyu ne, abin da zai ishi yaran bisa al'adar garin, da kuma ƙarfin uban. Na farkon shi ne abin da Annabi (SAW) ya ce wa Hindu matar Abu Sufyan da ta kawo ƙarar rowarsa, ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. Na biyun yana cikin Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. To takardarki aikinta kenan, ta nuna wa alƙali waɗannan biyun da lamba. Ki gina adadin daga ƙasa da abin da yara ke ci, sannan ki auna shi da abin da uban ke samu.

Ki sayi littafi na ɗari biyu yau ɗin nan. Kwana talatin ki riƙa rubuta duk abin da ya fita saboda yaran, da kwanan wata, ko maggi ne. Kwanon shinkafa nawa, kwana nawa ya yi. Inda ake ba da rasit ki karɓa, inda ba a bayarwa kamar mai kayan miya to rubutunki na ranar ya isa, in da hali ki riƙa biyan mai shago ta taransifa don ya fito a sitatimen ɗinki. Littafin da aka cika rana rana daban yake da wanda aka zauna aka rubuta dare ɗaya da biro guda, kuma alƙalai sun san bambancin, don haka kar ki yi ƙoƙarin cike watannin baya daga ka.

Wani abu kuma, ki cire kanki daga lissafin. Iddarki ta cika, cinki da suturarki sun sauka daga kansa. In tukunya ɗaya kuke ci ku huɗu, kar ki rubuta kuɗin tukunyar duka, ki fitar da rabonki ki nuna a takardar cewa kin fitar. Wannan ƙaramin abu yana sa a yarda da sauran lissafinki fiye da yadda kike zato, domin abin da maza suka fi faɗa a kotu shi ne "ita za ta ci ba yaran ba", kin ga kin toshe bakin tun kafin a buɗe.

Ga yadda nake hango lissafin naki, amma ki sani lambobin da ba ke kika ba ni ba misali ne, littafinki ne zai ba ki na gaskiya. A ce abincin yara ukun, safe rana dare har da kunu da madarar ƙaramin, yana cin 1,800 a rana, a wata 54,000 kenan. Kuɗin mota da na tara na manyan biyun 500 a rana, kwanakin makaranta kamar 22 ne a wata, 11,000. Sabulu, omo, man shafawa da famfas 13,000. Islamiyya 2,000. Ƙananan magunguna irin na zazzaɓi da mura 5,000. Rabonsu na gas ko gawayi da ruwa da wuta 7,000. In kin haɗa 92,000. Wannan shi ne abin da ke fita kowane wata ba fashi.

Sai waɗanda ba wata wata suke zuwa ba, kuma nan ne mata da yawa ke mantawa har sai an yanke hukunci an dawo hutu a ga babu kuɗin makaranta a ciki. Makaranta 38,000 sau yara biyu sau zango uku, 228,000 a shekara, in an raba wata goma sha biyu 19,000. Kayan sallah biyu da yunifom da takalma a ce 96,000 a shekara, 8,000 a wata. Haya kuma, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi uba yana biyan rabon yara na muhalli bisa abin da alƙali ya gani, ke kuma ki ɗau naki, to kar ki ɗora masa 240,000 ɗin duka, ki nemi rabi, 120,000, wato 10,000 a wata. Jimilla 92,000 da 19,000 da 8,000 da 10,000, ya kama 129,000 a wata. Kin ga ko da an saka komai da komai bai wuce rabin abin da ƙawarki ta ce da yawa ba.

Yanzu mu juyo ɓangarensa, kuma a nan ne shari'arki take, ki nutsu.

In albashi kawai aka tabbatar, 129,000 cikin 168,000 ya haura kashi uku cikin huɗu. Mutum mai mata da jariri da tsohuwa a gida, babu alƙalin da zai bar masa 39,000 ya ce je ka rayu, ko da ya yanke ma ba zai biyu ba, wata biyu za ki dawo kotu. Amma in adaidaitan nan suka shiga lissafi labari ya canza. Guda biyu 4,000 kowanne, 8,000 a rana. Kar ki ninka da talatin, don shi zai fara cewa ai akwai ranar da ba a fita, akwai ranar gareji, akwai ranar da direba ya zo da uzuri, kuma gaskiya ya faɗa. Ki riga shi. Ki lissafa kwana 20 kawai a wata, 160,000, ki cire kashi ɗaya cikin huɗu na gyara da taya da takardu, saura 120,000. Da albashi 288,000. Yanzu 129,000 ɗinki bai kai rabi ba, na yara uku cikin huɗun da yake da su, wannan magana ce da za a iya zama a saurara. 250,000 kuwa ko da adaidaitan ya cinye kusan duk abin da yake samu.

Don haka ƙarfinki ki zuba shi wajen tabbatar da adaidaitan nan, shi ma a nan zai zuba nasa. Zai ce ya sayar, ko na ƙaninsa ne, ko har yanzu biyan bashinsu yake. Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In ba ki kawo komai ba za a juya masa Alƙur'ani, kuma ni dai ba zan ba ki shawarar ki jingina abincin yaranki a kan tsoron Allahn wanda ya turo 60,000 cikin wata takwas ba. Me kike da shi? Ki tuna lambar jikinsu, ta faranti da ta KAROTA, ko a bayan wani tsohon hoto da aka ɗauka a ƙofar gida suka fito ya yi amfani. Sunan direbobin da inda suke ajiyewa da dare. In akwai lokacin da ya yi tafiya ya ce a turo balas ta asusunki, to wannan zinare ne, ki je banki ki ciro sitatimen na watannin ki ja layi a ƙarƙashin kowace 4,000 da sunan wanda ya turo. Saƙonsa na WhatsApp da yake cewa "in yaron nan ya kawo balas ki cire kuɗin cefane", ko muryarsa, ki bar su a wayar yadda suke kar ki goge, ki buga a takarda ki kuma zo da wayar ranar zama.

Shaidu kuma ki zaɓa da hankali. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a Malikiyya ana iya yin hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Amma mahaifinki ko mahaifiyarki ba za a karɓi shaidar da za su yi miki ba, za a soke ta saboda kusanci, haka wanda aka san yana da gaba da shi. Maƙwabcin da adaidaitan ke kwana a ƙofar gidansa, ko maigadin layin, ko bakaniken da ke gyara su, sun fi miki ƙawaye goma. Direban kansa ba zai so zuwa ba don tuwonsa a hannun mutumin yake, kar ki je kina roƙonsa a ɓoye har a ce kin shirya shi, ki ba kotu sunansa ki nemi a aika masa sammacin shaida, zuwa dole ya fi masa sauƙi a wajen ubangidansa ma. Kuma wanda duk zai yi shaida ya faɗi abin da ya gani da idonsa, "na ji ana cewa" ba ya zama komai.

In ya ce bashi ake binsa a kansu, kar ki musa da sauri, ki nemi ya kawo takardar yarjejeniyar a ga nawa yake biya a wata da ranar da zai gama. In gaskiya ne a cire, amma a rubuta cewa in ya gama a sake duba adadin.

Albashin shi ya fi sauƙi amma akwai tarko ɗaya. 168,000 ɗin da kika sani na wata takwas baya ne ko fiye. Ranar zama zai iya zuwa da alat a waya ya nuna 95,000 ne kawai ya shigo. Alat ba ya nuna dalili. Ki nemi ya kawo takardar albashi, wadda ma'aikata ke cewa fesilif, ta wata shida a jere, ba ta wata ɗaya da ya zaɓa ba, da kuma wata ɗaya ko biyu daga kafin rabuwarku. A jikinta za a ga matakinsa da jimillar albashi da duk abin da aka cire layi layi. Akwai cirewa ta dole, haraji, kashi 8 na fansho, da irinsu, waɗannan ba ki da magana a kai. Akwai kuma wadda shi ya jawo wa kansa, bashin kofaretib, adashen ofis, rancen banki. Ki duba ranar da kowanne ya fara. Rancen da aka ci wata ɗaya kafin ɗaurin aure kowa ya san lefe ya zama, ki nuna wa alƙali da ladabi cewa wannan zaɓinsa ne kuma bai kamata yara su biya shi da cikinsu ba. Adashe kuwa ma ajiya ce, kuɗinsa ne zai dawo masa. In ya ƙi kawowa, ki roƙi kotu ta rubuta wa ma'aikatarsa ko bankinsa. Ke banki ba zai ba ki sitatimen ɗin wani ba, kuma don Allah kar ki sa babbar 'yarki ta ɗauko miki hoto daga wayarsa in ta je hutu, kar ki nemi wani a ofishinsu ya zaro miki a ɓoye, za ki saka yarinya a tsakiya kuma ki ba shi abin da zai juya maganar da shi.

Af, tunda na tarayya ne, inshorar lafiyar ma'aikata tana ɗaukar mata ɗaya da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ki binciko ko naki suna ciki, ki saka a buƙatunki cewa a bar su a ciki kuma a ba ki katinsu a hannu, a zaɓi asibitin da ke kusa da ke. Shi ba ya ƙara masa ko sisi, ke kuma zai rage miki da yawa.

To yadda za ki tsara buƙatar. Ni ba zan ce ki rubuta 129,000 dunƙule ba. Ki raba. Tsabar kuɗi a wata 90,000, wato 92,000 ɗin nan ne aka ɗan rage. Kuɗin makaranta ya biya kai tsaye a asusun makaranta kafin a koma kowane zango ya turo miki rasit. Sutura sau biyu a shekara. Rabon haya sau ɗaya a shekara, wata guda kafin ta ƙare. Asibiti babba, kwanciya ko aiki, a kansa bisa rasit. Dalili biyu ne, ɗaya maza sun fi saurin yarda da abin da ba ta hannun tsohuwar mata zai bi ba, haushi ne kawai amma ki yi amfani da shi, biyu kuma in makaranta ta ƙara kuɗi baɗi ƙarin a kansa yake kai tsaye ba sai kin koma kotu ba. Haɗarinsa shi ne ya ƙi biya a koro yara, shi ya sa za ki nemi a rubuta rana takamaimai. In ya ce shi kayan abinci zai riƙa kawowa maimakon kuɗi ba laifi ba ne, amma a rubuta adadi da iri, kwano nawa na shinkafa, nawa na masara, mai lita nawa, sannan da kuɗin cefane a kai, in ba haka ba wata rana za a aiko miki da rabin buhun tsaki a ce an sauke nauyi. In kuma ya ce a riƙa turo yaran su ci a gidansa, malaman Malikiyya sun yi magana a kan wannan, mai reno ita ke karɓar nafaƙa, ba shi da ikon tilasta haka.

A kotun shari'a da baki ma ana shigar da ƙara, rajistara ya rubuta, ki biya kuɗin ƙara ki karɓi rasit, a ba masinja sammaci. Amma mai takarda a hannu ba ta rikicewa in an fara yi mata tambayoyi. Shafi ɗaya da rabi ya isa, kamar haka, ki cike sunaye da ranaku:

"Ni wance 'yar wane, mazauniyar unguwa kaza, ina ƙarar wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, ma'aikaci a wuri kaza. Mun yi aure a shekara kaza, ya sake ni ranar kaza, takardar saki tana haɗe. Muna da 'ya'ya uku, wance mai shekara 9, wane mai shekara 6, wane mai wata 15, duk suna hannuna. Daga ranar saki zuwa yau ya turo 20,000 sau uku, ranakun kaza da kaza da kaza, jimilla 60,000, sitatimen ɗina yana haɗe. Abin da yaran ke buƙata a wata, ban da nawa rabon, 92,000 ne kamar yadda na rarrabe a takarda ta biyu, da littafin kashe kuɗi da rasitai. A sanina albashinsa bayan cirewa 168,000 ne a lokacin da muke tare, kuma yana da adaidaita sahu biyu masu lamba kaza da kaza da ake kawo masa 4,000 kowanne a rana. Na san yana da mata da ɗa ɗaya da mahaifiya a ƙarƙashinsa, na yi la'akari da haka. Ina roƙon kotu ta umarce shi ya kawo takardun albashinsa na wata shida, ta kira wane da wane shaida, ta kuma yanke masa 90,000 a wata, a biya kafin 5 ga kowane wata ta asusu mai lamba kaza ko ta hannun kotu…" sai ki jero sauran, makaranta, sutura, haya, asibiti, kowanne da adadinsa da ranarsa.

Ki lura ban saka ya ci amanata ba, ban saka amarya ba, ban saka abin da uwarsa ta ce ba. Na san suna cin ki, amma duk layin da kika ba su layi ne da zai samu ya yi ta musu a kai har a ɗage zama ba a taɓo kuɗin ba. Kuma 60,000 ɗin nan ki faɗe shi da bakinki, in kika ce bai taɓa ba da komai ba ya zaro alat guda uku, ya gama da amincinki a zaman farko. Ki duba sitatimen ɗin da kyau ma, in ta wajen mai POS ya taɓa turowa sunan mai POS ɗin ne zai fito ba nasa ba, kar ki tsallake shi ki zo ki rantse a kan kuskure.

Akwai ladan shayarwa, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6, wadda aure ya ƙare tsakaninta da uban yaro tana da haƙƙin a biya ta in tana shayarwa. Mata da yawa kunya ke hana su nema. Haƙƙinki ne, ki saka shi layi daban da adadi mai sauƙi kamar 10,000 zuwa yaye, in an zo sulhu kuma shi ne abin da za ki iya sassautawa a kai ba tare da kin taɓa abincin yara ba.

Saura watanni takwas ɗin baya, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake so ki yi sauri. A Malikiyya nafaƙar 'ya'ya ba kamar ta mata ba ce da ke taruwa ta zama bashi. Ta yara don toshe buƙatar lokacin ce, in lokacin ya wuce ta faɗi, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ɗin ba kyauta ya yi ba, ya yi ne da niyyar a biya shi, kuma uban yana da hali a lokacin. Wato za ki iya nema, amma za a tambaye ki niyyarki kuma ana iya ba ki rantsuwa. In kin san a ranki lokacin da kika sayar da ɗan kunnenki kin yi ne don Allah ba da tunanin a biya ki ba, to kar ki rantse, ki bar shi. In kuwa kin ta aika masa saƙo kina cewa ga abin da na kashe ka biya ni, ko kin ci bashi saboda su kuma mai bashin zai zo ya faɗa, to ki saka shi sashe daban da lissafinsa, ki cire 60,000 ɗin. Kar ki cakuɗa shi da na wata wata. Kuma daga yau ki tura masa saƙo a rubuce, ki kuma faɗa a gaban mutum biyu, cewa duk abin da kike kashewa yaran bashi ne a kansa. Kowane wata da kika ƙara kina jiran ya ji kunya wata ne da zai yi wuyar dawowa. Don haka kar ki jira littafin ya cika kwana talatin kafin ki shigar, ki shigar yanzu, kafin a kai sammaci a sa rana ya yi nisa.

Kusan tabbas za a fara tura ku sulhu, ko alƙali da kansa ko dangi, wasu ma Hisba suke fara zuwa. Ki je da waliyyinki, ki je kuma da adadi na biyu a ranki wanda ba za ki faɗa wa kowa ba, iyakar da in aka sauka ƙasa da ita yaran za su ji a jikinsu. A lissafin nan abinci da kuɗin mota kaɗai 65,000 ne, to in ya ɗauki makaranta da haya da asibiti a rubuce, 70,000 da za ta riƙa shigowa kan lokaci ba asara ba ce. In kuma adaidaitan suka gagara tabbatuwa ki shirya jin adadin da bai kai haka ba, gara in faɗa miki yanzu. Duk abin da aka daidaita a kai kar ki yarda ya tsaya a zaure, a kai shi gaban alƙali a rubuta shi ya zama hukunci, da sharaɗin za a iya sake dubawa bayan shekara ko in albashinsa ya ƙaru ko farashi ya tashi, ki kuma karɓi kwafin hukuncin ki adana. Da shi za ki koma ranar da ya fara tsallake wata, a nan ne za ki iya roƙon a riƙa biya ta kotu ko a cire daga albashi.

Zai iya yi miki barazanar karɓe yaran da zarar sammaci ya same shi, kusan duk suna yi. Reno naki ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin babu abin da ya zubar da haƙƙin, in ma kika yi wani aure mahaifiyarki ce a gaba kafin a zo kansa, kuma ciyarwa tana nan a wuyansa duk inda suke. In kina son wanda zai duba miki takardar kafin ki kai ba tare da kin biya lauya ba, ki nemi ofishin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ko hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya a nan Kano. Ki yi kwafi uku na komai, ɗaya na kotu, ɗaya nasa, ɗaya naki, asalin rasitan da littafin kuma su zauna a jakarki, a nuna a dawo miki da su.